Ranar da Inna Ta Ƙi Dangwala Yatsa

Shekarar da 'yan bindiga suka ƙona mana gida a Unguwar Lalle, ba hatsi da tufafi kaɗai muka rasa ba. Akwai wani akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadon Inna da nake ajiye takarduna na makaranta a ciki, tun daga na firamare har zuwa na kwalejin horar da malamai. Da muka samu komawa bayan kwana huɗu, na buɗe shi na tarar da toka mai siffar takarda. Ina taɓawa ta ruguje.

Muka koma Sabon Birni, wani ɗan'uwan Inna ya ba mu ɗaki biyu a gidansa. Gona ba ta zuwuwa, aiki babu. Ana nan sai aka yi shelar ɗaukar ma'aikatan damara, na ce ga hanya ta samu. Da na karanta sharuɗɗan sai na ga akwai cikas. Shekaruna ashirin da takwas, kuma na haura iyakar da aka sa wa irin matsayin da nake nema. Ba ni da takardar haihuwa, don a ɗakin kakata aka haife ni ba a asibiti ba, katin ɗan ƙasa kuwa lokacin ban riga na yi ba. Abokaina suka ce ai wannan ba abin damuwa ba ne. Duk wanda ba shi da takardar haihuwa kotu yake zuwa, wani babba nasa ya yi rantsuwa a rubuce cewa ga shekarar da aka haife shi. Tunda komai ya ƙone, in ji su, shekarar da na so ita za ni sa.

Takardar rantsuwa biyu ke nan nake buƙata. Ɗaya ta ɓatan takardu, wadda ni zan rantse da kaina in haɗa da rahoton 'yan sanda, don in nemi shaidar sakamakona daga makarantu. Ɗaya ta shekaru, wadda dole wanda ya girme ni kuma ya san haihuwata ya rantse. Mahaifina ya rasu tun ina ciki. Inna ta rage.

Na ce mata za ta raka ni kotu a Isa ta sa hannu a takarda. Ban faɗa mata abin da ke cikin takardar ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ba ta yi boko ba, kuma duk abin da ya shafi biro ta bar mini shi tun ina aji huɗu. Abin da ta tambaya kawai shi ne ko an yi ƙarar wani. Na ce babu ƙara. Ta ɗauko mayafinta na zuwa suna, muka shiga motar safe.

A bakin kotun akwai rumfar kwano inda wani mutum ke buga wa jama'a takardu da kwamfuta da ɗan ƙaramin janareto. Yana da zubin kowace irin rantsuwa a ajiye, suna da rana kawai yake canzawa. Na sunkuya na raɗa masa shekarar da nake so, wadda ta rage mini uku. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya buga, ya manna hoton Inna da nawa, ya ce mu shiga wurin rajistara.

Rajistaran kotun shi ne kwamishinan rantsuwa, wato a gabansa ake rantsewa, sa hannunsa da hatiminsa ne ke mai da takarda ta zama shaida. Dattijo ne siriri, furfura ta cinye gemunsa, yana sanye da farar riga da ta sha wanki har wuyanta ya fara sulɓi. A kan teburinsa akwai hatimi, da tawadar dangwale, da Alƙur'ani cikin gafaka a bisa wani ɗan katako shi kaɗai. Tun a layi na ji ana gunaguni a kansa. Wai ba ya sa hannu sai mai rantsuwa ya zo da ƙafarsa, ko da hakimi ne ya aiko. Wai sai ya karanta wa mutum komai da Hausa, layi bayan layi, shi ya sa layinsa ba ya tafiya. Na ji wannan, amma ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka in ya karanta shekarar Turawa, Inna ba za ta san inda ta dosa ba.

Wanda ke gabanmu wani Bafulatani ne daga Burkusuma, ya jingine sandarsa a bakin ƙofa. Takardun babur ɗinsa ne suka ɓata. Rajistara ya ɗauki takardar yana fassarawa a hankali, har ya kai inda aka rubuta cewa sun ƙone a gobara.

Bafulatanin ya ɗaga hannu. "A'a, Malam. Ba wuta ba ta. Ruwa na. Ina ƙetare gulbi sunka faɗi cikin leda."

Wani daga baya ya ce, "Kai, wuta da ruwa duk ba ɓata ba ne? Ka bari a sallame mu."

Rajistara ya cire tabarau ya dubi mai maganar, ba da faɗa ba. Ya ce, "In gobe anka tsinci ledar ga bakin gulbi, takardar ga ta zama ƙarya, kuma shi ar rantse, ba kai ba." Ya miƙa wa Bafulatanin takardar ya ce ya koma rumfa a gyara. Mutumin ya karɓa yana murmushi, kamar an yi masa kyauta.

Aka zo kanmu. Na fara da tawa ta ɓatan takardu. Wannan gaskiya ce tsantsa, don haka na ɗora hannu na rantse da Allah ba tare da gabana ya faɗi ba, na sa hannu, ya sa nasa, ya buga hatimi. Ya ce Allah ya mayar da alheri, ya tambayi yadda mutanen garinmu suka ƙare. Sannan ya jawo ta biyun.

"Inna, ke za ki rantse ga wagga?"

"Haka yac ce, ranka shi daɗe."

"Kina da alwala?"

Ta ce tana da ita. Ya sa aka matso mata da benci ta zauna. Kafin ya karanta, sai ya yi mata bayani kamar yadda na ji ya yi wa kowa, sai dai ya ƙara sassauta murya. Ya ce takardar nan bakinta ce. Za ta je Sakkwato, za ta je Abuja, wurin mutanen da ba su taɓa ganinta ba kuma ba za su tambaye ta komai ba. Abin da za su duba kawai shi ne ta rantse a gaban hukuma. Don haka in akwai kalmar da ba tata ba, ta tsayar da shi.

Ya karanta sunanta, ta amsa. Ya karanta garinmu, ta amsa. Da ya zo kan sunana sai ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Ni ne ɗanta na fari, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Rajistara ya gane. Ya ce, "Ba sai kin faɗi ba. Ni za ni faɗi, ke ce mani shi na ko ba shi na ba." Ya faɗa. Ta ce, "Shi na."

Ya karanta shekarar. Inna ba ta tsayar da shi ba, kamar yadda na zata. Na fara sakin numfashi. Sai ya ajiye takardar ya ce, "Wannan lissafin boko na. Bari in mai da maki shi yadda za ki gane. Takarda ta ce bana shekarunai ashirin da biyar. Haka na?"

Ta ɗago. Ta dube shi, ta dube ni, ta sake dubansa.

"Ashirin da mi?"

"Da biyar."

"A'a," ta ce. "Ubanai bana damina ashirin da takwas ƙarƙashin ƙasa. Da cikin wanga wata bakwai yab bar ni. Haihuwatai ta fid da ni takaba."

Na ce, "Inna, ki bari, ai lissafin ba ɗaya ba ne."

Rajistara ya ce, "Malam, ba kai ka rantsuwa ba. Bari ta gama."

Ta ƙirga da yatsu a kan gwiwarta, leɓenta na motsi. Ta san shekarar da ta yaye ni, ta san shekarar da aka yi mini kaciya, ta san ba ta sake aure ba sai da na shekara huɗu. Ina kallon fuskarta lokacin da lissafin ya kai ta inda ni ban taɓa kai shi ba. Wata guda ina saƙa wannan dabara, tunanina duk yana kan kaki da albashi, ban taɓa tsayawa na ga abin da shekara ukun ke faɗa a kanta ba.

Ta ce, murya ƙasa ƙasa, "In ashirin da biyar na, to shekara uku bayan mutuwar ubanai ni haife shi. Lokacin ba ni da miji. Kana son in ɗora hannu bisa Alƙur'ani in ce haka?"

Inna ta naɗe hannuwanta biyu cikin mayafi, kamar tana tsoron kada wani ya jawo yatsan ya dangwala da ƙarfi.

Abin da rajistara ya yi daga nan shi ne dalilin da ya sa har yau ba na mance shi. Ina jiran tsawa, ko ya kira ɗan sandan da ke bakin kotu. Sai ya dubi sauran mutanen ya ce su ɗan jira a baranda, zai kira su. Da ɗakin ya rage mu uku, ya ɗauki jan biro ya ja layi biyu a kan takardar, ya ture ta gefe.

Ya ce da Inna, "Ba ki rantse ba, ba ki dangwala ba, babu komi kanki." Sannan ya juyo gare ni. "Zamna."

Na zauna. Ya tambaye ni aikin da nake nema, na faɗa masa. Ya tambayi abin da ya same mu, na sake faɗa, wannan karon da abubuwan da ban faɗa wa kowa ba. Ya saurara har na gama. Bai ce ƙaryata ta zama daidai don an ƙona mana gida ba, bai kuma yi kamar bai ji ba.

Ya ce, "Ka yi jarabawar gama sakandare?"

Na ce na yi.

"Ranar haihuwa tana cikin rajistar jarabawa. Taka ta ƙone, tasu ba ta ƙone ba. Ranar da anka zo tantance ma'aikata, ko bayan shekara goma na, za a aza su kusa da juna. Kai a kore ka. Amma duba nan, sunan wa ad da rantsuwa?"

Na duba. Sunan Inna ne a sama, hotonta a gefe, wurin dangwalenta a ƙasa.

Ya ce a doka, wanda ya rantse a kan abin da ya san ƙarya ne, a baki ko a rubuce, ya yi shaidar zur, kuma hukuncinta yana kaiwa ga ɗauri. Wanda ya shirya ƙaryar ya sa wani ya rantse, shi ma yana ciki. Ya ce wataƙila alƙali ya duba cewa tsohuwa ce da ba ta karatu, amma kafin a kai ga haka sai ta tsaya gaban kotu an tambaye ta, kuma a ƙasan takardar za a ga shi da kansa ya rubuta cewa an karanta mata da Hausa ta fahimta kafin ta dangwala. "Wannan layin shi ka sa ni karanta ma kowa. Ba ni rubuta an karanta alhali ba a karanta ba. Ni ma rantsuwa ni yi kafin in zamna nan."

Na ce, cikin ƙarfin hali na wanda ya riga ya ji kunya, "Amma ranka shi daɗe, wa zai cutu? Kowa yana yi."

Bai yi fushi ba. Ya ba ni labarin wani da ya taɓa zuwa da takardar cewa babur nasa ne, rasit ya ɓata. Ya rantse, aka buga masa hatimi, ya sayar wa wani manomi. Ashe babur ɗin na sata ne. Aka kama manomin a hanyar kasuwa, ya kwana biyu a tsare kafin a gano gaskiya, ga shi lokacin shuka ne. Manomin bai yarda da mai sayarwa don fuskarsa ba, hatimin kotu ya gani. Wanda ya rantse ɗin an ɗaure shi. Rajistara ya ce ba don babur kaɗai ba, don ya ɗauki abin da mutane ke dogara da shi ya yi yaudara.

Ya nuna baranda da haɓa. "Rabin mutanen can daga Gatawa da ƙauyukanku suke. Ba su da takarda ko guda, sai bakinsu. In rantsuwar kotun ga ta zama abin da kowa ya san ƙarya ta, ranar da matar da mijinta yam mutu ta kai tata ofis, za a jefo mata ita ta taga. Sannan gurbin da kaka nema, akwai wani yaro mai ashirin da biyar na gaskiya da ka jira nai."



Ya tambayi Inna abin da ta sani tabbas game da haihuwata. Ta ce lokacin girbin gero ne, ana ɗaurin dammuna, kuma ta faɗi watan Musulunci. Ya tambaye ni ranar da aka rubuta mini a makaranta. Na faɗa, ta zo daidai da kaka, shekarar ma ta yi daidai da ƙirgen Inna. Ya rubuta a 'yar takarda ya ce in kai rumfa a sake bugawa, kuma in tsaya a kan mai bugawa in karanta da idona kafin ya fitar.

Da na dawo ya sake karanta mata tun daga farko, bai tsallake ko layi ɗaya ba don ta riga ta ji. Da ya ce ashirin da takwas, ta ce, "Yawwa." Ta ɗora hannuwanta biyu a kan Alƙur'ani, ya faɗa tana maimaitawa, ta rantse da Allah cewa abin da ke ciki gaskiya ne iyakar saninta. Ya ɗauko tawada ya miƙa mata, ta dangwala babban yatsanta, ta danna sosai har takardar ta ɗan lotsa. Ya rubuta layin nan nasa, ya sa hannu, ya buga hatimi. Ya ce da ita, "Inna, Allah shi saka maki. Kin hutasshe ni." Ta ce, "Kai ka hutasshe ni, ɗan nan, da ka faɗa mani da Hausa."

A mota ta juya fuska wajen taga tun daga Isa. Na yi ta shirya kalmomin ban haƙuri ina rushewa. Sai da muka sauka a tashar Sabon Birni, muka kama hanyar gida da ƙafa, na ce, "Inna, ki yafe mini. Wallahi ban yi tunanin nan ba."

Ta ce, "Na sani ba ka yi ba. Da ka yi, da ba ka kai ni ba."

Muka ci gaba da tafiya. Can sai ta fara ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce da mahaifina ya kwanta ciwo, ya sa an kira ƙanensa biyu da liman, ya ce su shaida cikin nan nasa ne, a ajiye wa abin da za a haifa rabonsa na gona. Ta ce saboda wannan shaidar ce ba a raba gadon ba sai da na faɗo, kuma gonar bakin fadama da nake nomawa tun ina yaro ta nan ta zo hannuna. Mutum uku ne suka riƙe magana ɗaya ba su canza ba, biyu daga cikinsu sun riga sun rasu. Ta faɗi wannan tana tafiya, ba ta dube ni ba, tawada na nan shuɗi a yatsanta. Kwana uku tana wanke-wanke kafin tawadar ta fita.

Aikin damara ban ko cika fom ɗinsa ba. Na yi wata takwas ina bin makarantu da takardar ɓata da rahoton 'yan sanda har na haɗa shaidar sakamakona. Da takardar Inna na yi katin ɗan ƙasa. Da aka buɗe ɗaukar malaman firamare na nema, aka kira mu tantancewa a Sakkwato.

Mun cika wani dogon zaure, kowa da fayil a ƙirji. Jami'in da ke dubawa yana ɗaukar takardar shekaru ya ɗora kusa da ta jarabawa. Na ga an ware mutum biyu gefe, ɗayansu yana rantse-rantse da baki cewa kuskuren mai bugawa ne, ba wanda ya kula shi. Da aka zo kaina, jami'in ya dubi hatimin, ya dubi dangwalen, ya dubi ɗaya takardar. Bai kai ƙiftawa biyar ba ya mayar cikin fayil ya ce na gaba ya matso.

Yanzu ina koyar da aji biyar a wata makaranta a bayan kasuwar Sabon Birni, yawancin ɗalibaina 'ya'yan waɗanda suka baro ƙauyuka ne. Duk farkon zango iyaye kan zo ba takardar haihuwa, hedimasta ya turo mini su don ni ke cika rajista. Nakan ajiye biro in tambayi uwa ko damina ce ko rani, ko kafin su baro gari ne ko bayan nan, wa aka haifa kusa da shi. Yakan ɗauki lokaci, sauran malamai har tsiya suke yi mini. Makon jiya wata mata daga Gatawa ta yi kusan rabin sa'a tana ƙirga wa tagwayenta shekaru, ta tafi, sannan ta dawo daga bakin ƙofa ta ce ta yi kuskure da shekara guda, in gyara.